Yadda Ake Sa Ƙwan Ledi Guda Ɗaya Ya Ba da Haske, Ya Ga Haske, Ya Kuma Samar da Wuta

Ƙaramin ƙwan ledi da ke kyaftawa a jikin caja, da idon da ke karɓar saƙon rimot a talabijin, da fanel ɗin sola da ke kan rufin kwano, dukkansu abu ɗaya ne a ciki: mahaɗa ce tsakanin ɓangarori biyu na wani kiristal, ɓangaren P da ɓangaren N. Aikin da kowannensu yake yi ya danganta da yadda aka haɗa shi da wuta da kuma inda karant yake nufa. Ana iya tabbatar da wannan a kan teburi cikin sa'a guda, da mita ta masu gyaran rediyo da kayan da ba su fi cikin tafin hannu ba.

Abin da ya kamata a sani kafin a taɓa waya

A ɓangaren N akwai rarar ilektiron, a ɓangaren P kuma akwai guraben da suke jiran ilektiron. A daidai inda suka haɗu akwai wani siririn fili da ya zama fayau, kuma a cikinsa akwai filin lantarki da yake korar ilektiron zuwa N, yake korar gurabe zuwa P. Idan aka turo wuta daga waje har ta rinjayi wannan fili, ilektiron sukan tsallaka su faɗa cikin gurabe, kowanne ya saki ƙarfin da yake ɗauke da shi, kuma a wasu kiristal ɗin wannan ƙarfi yana fitowa ne a matsayin haske. Idan kuwa haske ne ya shigo daga waje, yakan fizge ilektiron daga mazauninsa ya bar gurbi, sai filin ya raba su, kowa ya nufi ɓangarensa, karant ya gudana. Hanya ɗaya ce ake bi, ko dai ta nan zuwa can, ko ta can zuwa nan. Russell Ohl ne ya fara gano irin wannan mahaɗa a wani guntun silikon a ɗakunan binciken Bell na Amurka a 1940, kuma abin da ya ja hankalinsa shi ne wutar da guntun yake bayarwa idan haske ya taɓa shi. Ƙwayar sola mai amfani ta fito daga wannan wuri a 1954, ƙwan ledi ja kuma ya fito daga hannun Nick Holonyak a 1962.

A duk matakan da ke tafe abu biyu kawai za a sa wa ido: wace ƙafa ce ta fi boltej, kuma ta wace ƙafa karant yake shiga.

Kayan aiki

Ana bukatar ƙwan ledi ja mai faɗin milimita 5, kuma ya fi kyau a samu mai garai-garai kamar ruwa, domin robar mai launi tana tare wani kaso na hasken da zai shiga. Ana bukatar wani ƙwan shuɗi don gwajin launi, da rizisto mai om 330, da batir uku na tocila ƙanana a jere waɗanda za su ba da bolt 4.5, da tocila, da rimot, da ƙaramin fanel irin na fitilar sola da ta lalace. In an samu fotodayod mai lamba BPW34, wato mahaɗar silikon da aka ƙera don ganin haske, aikin zai fi armashi. Kada a ɗauki batir mai bolt 9, saboda yawancin ƙwayayen ledi an ƙayyade musu bolt 5 ne kawai idan aka juya su, kuma a mataki na uku juya ƙwan za a yi. Fawa-bank ma ba ta dace ba, domin da yawa daga cikinsu suna kashe kansu idan abin da ake ja bai taka kara ya karya ba.

Akwai lamba ɗaya game da mita da ya wajaba a sani, ita ce turjiyarta ta ciki a lokacin da take auna boltej. Mitoci masu araha irin DT830 suna da kimanin om miliyan 1, masu tsada kuma yawanci om miliyan 10. Lissafin da ke ƙasa an gina shi ne a kan miliyan 1.

Mataki na ɗaya: gane ƙafafu

Doguwar ƙafar ƙwan ita ce anod, wato ɓangaren P. Gajerar, wadda take gefen da aka shafe bakin robar ya zama miƙaƙƙe, ita ce katod, ɓangaren N. Idan an riga an yanke ƙafafun, a juya mita zuwa alamar dayod, a ɗora jan tsinken mita a ƙafa ɗaya, baƙi a ɗayar. Inda mita ta nuna lamba ko ƙwan ya ɗan yi ja, jan tsinken yana kan anod. A ɗaura ɗan zare ko a shafa jan farce a wannan ƙafa, domin rikita ƙafafu shi ne ya fi ɓata wannan gwaji.

Mataki na biyu: a sa shi ya ba da haske

A haɗa fozitif na batir da rizisto, rizisto da anod, katod da negatif. Ƙwan zai kama. A sa mita a DCV, wato ma'aunin boltej, jan tsinke a anod, baƙi a katod, za a ga wani abu tsakanin bolt 1.8 da 2.0. A ce an ga 1.9, ragowar 2.6 tana kan rizisto, don haka karant ɗin shi ne:

```
I = (4.5 - 1.9) / 330 = 0.0079 A
```

Kusan mili-amfiya 8 ke nan, kuma yana shiga ƙwan ne ta anod. A rubuta wannan: anod ya fi katod boltej, karant yana shiga ta anod, ƙwan yana cin wuta.

Lambar 1.9 ba ta zo da ka ba. Kowane kiristal yana da tazarar da ilektiron yake faɗowa daga gare ta, ana auna ta da ilektiron-bolt, kuma ita ce take ƙayyade launin hasken. Ƙa'idar da ke haɗa su ita ce:

```
E (eV) = 1240 / λ (nm)
```

Jan haske mai tsawon zango nanomita 630 yana ɗauke da kusan 1.97, abin da ya yi daidai da karatun mita. Shuɗi mai 460 yana ɗauke da kusan 2.7, shi ya sa ƙwan shuɗi yake neman wajen bolt 3 kafin ya kama sosai. Tazarar silikon 1.12 ce, wadda ta yi daidai da nanomita 1,100, can bayan abin da ido yake gani. Waɗannan lambobi uku za su dawo a mataki na huɗu.

Mataki na uku: a juya shi ya zama ido

A nan ne ake bukatar natsuwa. A cire riziston. A haɗa fozitif na batir kai tsaye da katod, a haɗa anod da jan tsinken mita, baƙin tsinken kuma da negatif na batir. Mita tana nan a DCV, a ma'aunin 20. Yanzu ƙwan a juye yake, kuma mita tana jere da shi, ta zama ita ce riziston. Wannan dabara ce ta auna karant ɗin da ya yi wa ma'aunin amfiya ƙanƙanta: a mita mai om miliyan 1, kowane bolt 1 da aka gani yana nufin maikro-amfiya 1, kowane mili-bolt 1 kuma yana nufin kashi ɗaya cikin dubu na hakan.

A kifa baƙin kofi a kan ƙwan. Karatun zai sauka kusa da sifili, saboda mahaɗar da aka juya ba ta barin karant ya wuce sai ɗan yoyon da zafi yake haifarwa. A ɗauke kofin a haska tocila daidai saitin kan ƙwan, karatun zai tashi. A rufe, ya sauka. Ƙwan da aka sayar don ya haska ya zama fotodayod, kuma karant yana shiga ta katod ne yana fita ta anod, akasin mataki na biyu. Batir ne har yanzu yake biyan wutar. Aikin haske shi ne ƙayyade yawan abin da zai wuce.

Sai a gwada ko amsarsa tana bin yawan haske daidai wa daida. A ɗaki mai duhu, a ajiye ƙaramar tocila marar madubi, kamar ta waya, a nisan santimita 20, a rubuta karatu, sannan a mayar da ita santimita 40. Idan nisa ya ninka, hasken da yake isowa yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu, don haka idan na farko ya ba da mili-bolt 800, na biyu ya kamata ya kusanci 200. Idan lambobin sun yi ƙanana, a sauko da mita zuwa ma'aunin 2000m. Wannan bin sawun haske shi ne dalilin da ya sa ake auna haske da karant ɗin fotodayod.

Abubuwa uku ne sukan ɓata wannan mataki, kuma kowanne yana da alamarsa. Idan mita ta tsaya a wajen bolt 3 ba ta damu da kofi ko tocila ba, ƙwan a miƙe yake, ba a juya shi ba. Idan akwai karatu mai yawa a cikin duhu, galibi yatsu ne suke riƙe da ƙafafun biyu, domin gumin hannu yana wuce da karant fiye da abin da ake aunawa. A yi amfani da maƙalai, a goge gindin ƙwan. Idan kuma aka fita rana aka ga karatun ya haura bolt 5 ya tsaya cik, ƙarin haske ba ya ƙara masa komai, to ya ƙoshi: duk boltej ɗin batir ya koma kan mita, ƙwan ya daina kasancewa a juye, har ma ya ƙara nasa boltej a kai. Maganinsa a haɗa rizisto mai om 10,000 tsakanin tsinkunan mita biyu, sai kowane mili-bolt 10 ya zama kusan maikro-amfiya 1.

Mai karatu zai iya tambaya, tunda haske yana samar da karant ko babu batir, mene ne amfanin juyawar? Amsar ita ce sauri. Juyawa tana faɗaɗa filin nan da ya zama fayau, kuma idan ya faɗaɗa, ƙarfin mahaɗar na tara caji yana raguwa, sai ta riƙa amsawa da hanzari. A takardar bayanin BPW34 wannan ƙarfi yana sauka daga wajen fikofarad 70 a bolt sifili zuwa wajen 25 a bolt 3. Abin da ake biya shi ne ɗan yoyon duhu da yake ƙaruwa. Saboda haka mai son karɓar saƙo mai sauri, kamar na igiyar gilashi ta sadarwa, yakan juya mahaɗar, mai son auna haske ɗan kaɗan a tsanake kuma yakan bar ta a bolt sifili.

Mataki na huɗu: gwajin launi

A bar haɗin yadda yake. A kunna wani jan ƙwan kamar a mataki na biyu da batir na dabam, a sa su baki da baki a cikin guntun baƙin bututu. Jan ƙwan da aka juya zai ga hasken ɗan'uwansa. A musanya mai ganin da shuɗi, a haska masa ja: ba zai motsa ba, ko an ƙara hasken. Haske yana zuwa ne ƙwaya-ƙwaya, kowace ƙwayar jan haske tana ɗauke da 1.97, tazarar shuɗin kuwa 2.7 ce, kuma ƙwayoyin ba sa haɗa ƙarfi su ɗaga ilektiron ɗaya. Ko dai guda ta isa, ko ta wuce ba ta yi komai ba.

Rimot yana ba da misali mafi kyau. Haskensa yana wajen nanomita 940, wato 1.32, wanda ya gaza tazarar jan ƙwan amma ya fi ta silikon. A danna shi a gaban jan ƙwan, mita ba za ta kula ba. A sa BPW34 a wurin, karatun zai riƙa tsalle muddin yatsa yana kan maɓalli. Ba zai tsaya wuri ɗaya ba saboda rimot yana aika haskensa ne a gutsuttsure. Ƙwan ledi yakan ga launinsa da wanda ya ɗan fi shi gajeren zango, a wani ɗan tsukakken yanki, kuma Forrest Mims, wani Ba'amurke mai ƙere-ƙeren lantarki, ya yi amfani da wannan hali wajen ƙera na'urorin auna hazo a sararin sama da ƙwayayen ledi ba tare da matatar launi ba. Farin ƙwan bai dace da wannan gwaji ba, domin shuɗi ne aka lulluɓe da wani rawayan shafi, kuma shafin yana tare hanya.

Mataki na biyar: a cire batir ya zama sola

A cire batir gaba ɗaya. Jan tsinke a anod, baƙi a katod, mita a DCV, a fita rana a saita kan ƙwan da ita. Jan ƙwan mai garai-garai yakan ba da fiye da bolt 1, sau da yawa wajen 1.4, kuma lambar fozitif ce kamar a mataki na biyu. Sai a juya mita zuwa ma'aunin 200µ na DCA, wato na karant, ba tare da an musanya tsinkuna ba. Za a ga 'yan maikro-amfiya, wani lokaci 'yan gomomi idan saitin ya yi daidai, kuma su ma fozitif, wanda yake nufin karant yana fitowa daga anod yana shiga mita. Ga haɗin da bai bayyana a baya ba: boltej irin na mataki na biyu, alkiblar karant irin ta mataki na uku. Abin da karant yake fita ta ƙafarsa mai fozitif ba cin wuta yake yi ba, bayarwa yake yi, kamar batir.

Wutar kaɗan ce ƙwarai, kuma dalilin girma ne. Kiristal ɗin da ke cikin ƙwan bai fi kashi ɗaya cikin uku na milimita a kowane gefe ba, fuskar BPW34 murabba'in milimita 7.5 ce, ƙwayar sola ta fanel kuwa takan kai milimita 156 a kowane gefe ko fiye, tana ba da amfiya 8 zuwa sama. Amma boltej bai bi girma ba: babbar ƙwayar silikon tana ba da wajen 0.6, ɗan ƙwan ja ya ninka ta, saboda tazararsa ta fi faɗi. Wannan ne ya sa ake jera ƙwayoyi 36 a fanel ɗin da ake cajin batir mai bolt 12 da shi, su ba da wajen 21 zuwa 22 idan babu kaya a kai.

A maimaita gwajin nisa da BPW34 ko ƙaramin fanel. Idan karant ya sauka daga maikro-amfiya 80 zuwa 20, boltej na ƙwaya guda zai ragu da wajen mili-bolt 40 kacal, misali daga 380 zuwa 340. Kada a yi wannan da ƙwan ledi a hasken ɗaki, domin karant ɗinsa ya yi ƙanƙantar da mita za ta shanye shi, sai a ga boltej yana faɗuwa da yawa a zaci ƙa'idar ce ta karye. Darasin yana da amfani a kan rufi: fanel ɗin da ƙurar hunturu ta lulluɓe zai iya nuna bolt 20 lafiya lau alhali karant ɗinsa ya ragu sosai, don haka wanda ya auna boltej kaɗai ya ce fanel lafiya yake bai gama bincike ba. Zafi kuma boltej yake ci, wajen mili-bolt 2 a kowace ƙwaya a kowane digiri, ta yadda fanel mai ƙwaya 36 da ya hau daga digiri 25 zuwa 65 a ranar bazara zai rasa kusan bolt 3.

Sai neman kayan da ya dace. A ɗauki ƙaramin fanel mai ƙwaya huɗu, a ce ya nuna bolt 2.3 a buɗe da mili-amfiya 40 idan aka haɗe bakinsa ta mita. A duka yanayin biyu wutar da yake bayarwa sifili ce, domin a ɗaya babu karant, a ɗayan babu boltej. A riƙa sa masa rizisto iri-iri ana auna boltej ana lissafi da `P = V² / R`. Karatun zai yi kama da haka: om 10 ya ba da 0.39, wato mili-wat 15. Om 47 ya ba da 1.75, wato 65. Om 100 ya ba da 2.1, wato 44. Ƙololuwar tana wajen 47, kuma tana matsawa idan girgije ya gitta. Bibiyar wannan wuri mai yawo shi ne aikin kwantirola da ake rubuta wa MPPT.

Mataki na shida: fanel a matsayin dayod

A rufe BPW34 da baƙin tef, a gwada shi da alamar dayod: zai nuna wajen 0.5 zuwa 0.6 ta fuska ɗaya, ya toshe ta ɗayar, kamar kowane dayod na silikon. Fanel ma haka yake a cikin duhu. Idan aka haɗa shi kai tsaye da batir aka bar shi ya kwana, batir yana tura masa karant ta anod, irin na mataki na biyu, sai caji ya riƙa zurarewa. Dayod mai toshewa ko kwantirola ne suke hana hakan. A wannan hali fanel yana fitar da haske kaɗan a wajen nanomita 1,150. Ido ba ya ganinsa, kuma yana da rauni saboda tsarin kiristal ɗin silikon yana sa yawancin ilektiron su saki ƙarfinsu a matsayin zafi. Duk da haka masana'antu suna amfani da shi: sukan tura wa fanel karant a ɗaki mai duhu, su ɗauki hotonsa da kamara mai ganin irin wannan haske, sai tsagar da ido bai gani ba ta fito baƙa.

Yanayin mataki na uku ma yana faruwa a kan rufi, ba da son kowa ba. Idan kashin tsuntsu ko ganye ya rufe ƙwaya ɗaya a cikin jeri, sauran suna ci gaba da turo karant ɗin da ita ba za ta iya samarwa ba, sai boltej ɗinta ya juye, ta koma cin wutar 'yan'uwanta tana zafi, har bayan fanel ya yi tabon ƙuna. Dayod biyu ko uku da ke cikin baƙin akwatin bayan fanel an sa su ne don su ba karant hanyar kaucewa. Ana iya ganin hakan a ƙaramin fanel na gwaji, wanda yawanci ba shi da irin waɗannan dayod: a sa mita a ma'aunin karant a rana, a rufe ƙwaya ɗaya cikin huɗu da guntun kwali. Karatun zai faɗi kusan ƙasa baki ɗaya, ko da yake kashi uku cikin huɗu na fuskar yana cikin rana. Idan aka rufe rabin kowace ƙwaya da kwali mai tsawo, an tare haske ninki biyu na wancan, amma karatun zai tsaya a wajen rabi.